Kuɗin da Aka Tsare Tun Daga Tushe: Yadda Ɗan Kwangila Zai Binciki Harajinsa Ya Kuma Adana Shaidarsa

A tsarin haraji na Najeriya, duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da zai biya ɗan kwangila kuɗin aikinsa, doka ta ɗora masa nauyin ya cire wani kaso daga cikin kuɗin kafin ya miƙa, ya kuma kai wannan kason ga hukumar tara haraji da sunan wanda ya yi aikin. Wannan shi ne harajin da ake tsarewa daga tushe, wanda a takardun ofis ake rubuta shi da haruffa uku, WHT. Abin da ya kamata a fara fahimta game da shi shi ne cewa ba wani sabon haraji ba ne mai zaman kansa, kafin alƙalami ne na harajin kuɗin shiga da ɗan kwangilar zai biya a ƙarshen shekara, don haka kuɗin yana nan a matsayin nasa har ranar da aka zauna aka yi lissafi. Sai dai mallakar tasa ba ta tabbata sai in kuɗin sun isa hukumar da ta dace, an rubuta su da sunansa da lambarsa, kuma yana riƙe da takardar da za ta tsaya masa. A wannan gaɓar ce 'yan kwangila da yawa suke yin asara ba tare da sun ankara ba, domin mafi yawansu da zarar saƙon banki ya shigo waya sai hankalinsu ya koma kan bashin siminti da kuɗin leburori, a bar maganar abin da aka cire har sai ranar da ake neman takardar shaidar biyan haraji.

Ƙa'idar da ake aiki da ita

A shekarar 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya fitar da sababbin ƙa'idojin cire haraji daga tushe, waɗanda suka fara aiki gadan-gadan a ranar 1 ga Janairun 2025, suka kuma sauya kason da aka daɗe da sabawa da shi. A da, kwangila ta gama-gari kashi 5 cikin ɗari ake cire mata, aikin gina hanya da gada da gini da tashar lantarki kuma ya koma kashi 2.5 bayan dokar kuɗi ta 2019, sannan kamfanin da ya yi aikin ba da shawara ko wani aikin ƙwararru ana cire masa kashi 10. A ƙarƙashin ƙa'idojin 2024, ga mazaunin ƙasa, gina hanya da gada da gini da tashar lantarki kashi 2 ne, sauran ayyukan da suka danganci gini kashi 5, kawo kayan da ba mai kawowar ne ya ƙera su ba kashi 2, aikin ƙwararru da na ba da shawara kashi 5, kuɗin haya kuwa yana nan a kashi 10. Wanda bai ba da lambar shaidar mai biyan haraji ba, wato lambar da aka fi sani da TIN, ana ninka masa kason, ta yadda kashi 2 zai zama 4. An kuma keɓe wasu hada-hada da ba a cire musu komai, daga ciki akwai sayen kaya hannu da hannu a kanti, da kayan da mai sayarwar ne ya ƙera ko ya sarrafa su da kansa.

Dalilin rage kason yana da muhimmanci ga wanda yake son ya gane nauyin abin da ake cire masa. Harajin kamfani a kan riba ake ɗora shi, shi kuwa wanda ake tsarewa a kan jimillar kuɗin aiki ake lissafa shi, ba tare da la'akari da abin da aka kashe ba. Idan aikin naira miliyan 40 ya bar ribar miliyan 4, cire kashi 5 yana nufin an tsare miliyan 2, wato rabin ribar, alhali harajin da ya hau kanta a kashi 30 bai wuce miliyan 1 da dubu 200 ba. Da haka ne kamfanoni masu ƙaramar riba suka riƙa tara rarar kuɗi a hannun hukuma shekara da shekaru, suna kuma cin bashin banki don su ci gaba da aiki.

Daga watan Janairun 2026, bisa dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, hukumar tara haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma amsa sunan NRS. Da yake kaso abu ne da ake iya sauyawa ta hanyar ƙa'ida, abin da ake dubawa a kowane biya shi ne jadawalin da ke aiki a ranar da aka biya kuɗin, ba wanda aka haddace tun shekarun baya ba.

Lissafin biya guda

A ɗauki misalin kamfani mai rajistar iyakantaccen alhaki da ke Kano, wanda ya sami aikin gina ajujuwa daga wata hukumar tarayya a kan naira miliyan 40, ban da harajin sayen kaya da hidima, wato VAT, wanda yake kashi 7.5 tun daga watan Fabrairun 2020. Bayan aiki ya kai wani mataki, injiniya ya duba ya ba da takardar amincewa da biyan naira 16,000,000. Harajin VAT a kan wannan adadi naira 1,200,000 ne, saboda haka jimillar da za ta bayyana a kan baucan biya ita ce naira 17,200,000. Hukumomin gwamnati su ke riƙe VAT ɗin su kai shi da kansu, kuma sun saba cire kashi 1 na harajin hatimi a kan kwangila, wanda a nan ya kama naira 160,000. Harajin da ake tsarewa kuwa kashi 2 ne na miliyan 16, wato naira 320,000, domin a kan kuɗin aiki zalla ake lissafa shi: VAT ba kuɗin shigar ɗan kwangila ba ne, ratsawa kawai yake yi ta takardarsa zuwa baitulmali. Idan aka debe waɗannan uku daga jimillar, abin da ya kamata ya faɗa asusun kamfanin shi ne naira 15,520,000.

To, sai a ce saƙon banki ya nuna naira 14,980,000. Giɓin naira 540,000 ke nan, kuma ba sai an je an yi ta gardama a ofishin akanta ba tare da madafa ba, domin adadin da kansa yana faɗin inda aka yi kuskure. Idan aka haɗa giɓin da naira 320,000 da ya kamata a cire, za a sami 860,000, wanda shi ne daidai kashi 5 na naira 17,200,000. Ashe kuskure biyu aka yi a lokaci guda: an yi amfani da tsohon kaso na kashi 5, abin da ya ƙara naira 480,000, an kuma ɗora shi har a kan VAT, abin da ya ƙara naira 60,000. Kowane irin kuskure yana da nasa tambarin. Da a ce abin da aka tsare naira 640,000 ne, wannan kashi 4 ne, alamar cewa mai biyan bai ga lambar TIN ba ko kuwa ya shigar da ita na'ura ta ƙi karɓa. Da naira 344,000 ne, kason daidai yake amma an haɗa da VAT. Da naira 400,000 ne, an koma wa kashi 2.5 na shekarun baya. Raba abin da aka cire da kuɗin aikin, sannan a sake raba shi da jimillar da ta haɗa da VAT, lissafi ne na ɗan lokaci kaɗan da ke fito da amsar kusan kowane lokaci.

Akwai wanda zai ce ai ko an cire fiye da ƙima babu asara, tunda duk kuɗin za su shiga cikin ajiyarsa a wajen hukuma. A takarda haka ne. A wajen aiki kuwa naira 540,000 kuɗin rodi ne da ladan birkiloli, kuma kuɗin da aka tsare a watan Maris ba za su yi wa kamfanin amfani ba sai tsakiyar shekara mai zuwa, a ƙasar da farashin kayan gini ba ya jiran kowa. Gyara kuma ya fi sauƙi kafin mai biyan ya aika kuɗin ga hukuma, domin a lokacin bauca kawai za a sake rubutawa a biya cikon. Da zarar sun shiga asusun gwamnati, ba mai biyan ne zai dawo da su ba, sai dai a jira lissafin ƙarshen shekara. Wa'adin aikawa ga hukumar tarayya shi ne ranar 21 ga watan da ke bin watan biya, ga hukumar jiha kuma ranar 30, don haka tazarar da ɗan kwangila yake da ita ta 'yan makonni ce.

Wani abin da kan rikita lissafi shi ne kuɗin da ake riƙewa na jingina har sai wa'adin lura da ingancin gini ya wuce, wanda galibi kashi 5 ne. Wannan ba haraji ba ne, bashi ne da ɗan kwangila yake bin mai aikin, kuma wajibi ne ya kasance a layinsa daban a kan bauca. Baucan da ya dunƙule komai ƙarƙashin kalma ɗaya ta abubuwan da aka cire ba ya karɓuwa a matsayin hujja, kuma daidai ne ɗan kwangila ya nemi a warware masa shi filla-filla. Haka nan kwangilar da ta haɗa ayyuka iri biyu, kamar zanen gini da ginin kansa, ya kamata a raba su tun a takardar neman biya, in ba haka ba mai lissafi zai ɗora kaso mafi girma a kan duka don ya kare kansa.

Hukumar da kuɗin za su je

Kuskuren da ya fi wuyar warwarewa ba na adadi ba ne, na adireshi ne. Kamfani mai iyakantaccen alhaki yana biyan harajinsa ga hukumar tarayya, amma mutumin da ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, ko 'yan haɗin gwiwa, a idon doka mutane ne ɗaiɗaiku, kuma harajinsu na hukumar jihar da suke zaune ne, kamar ta Kano ko ta Kaduna, ko ta Babban Birnin Tarayya ga mazauna Abuja. Abin da ke raba gardama shi ne matsayin wanda aka biya, ba matsayin wanda ya biya ba. Ma'aikatar tarayya da ta biya mai sunan kasuwanci da ke zaune a Katsina, hukumar Katsina za ta aika wa abin da ta tsare, kamar yadda ma'aikatar jiha da ta biya cikakken kamfani za ta aika wa tarayya. Idan ma'aikacin lissafi ya tattara na kowa ya zuba wuri ɗaya, kuɗin sun fita daga hannun mai aiki, sun shiga hannun gwamnati, amma ba gwamnatin da take bin ɗan kwangilar haraji ba, kuma wadda take binsa ba ta da dalilin yafe masa.

Kusa da wannan akwai al'adar aron kamfani, wadda ta zama ruwan dare a harkar ƙananan kwangiloli: wanda ya samo aikin ba shi da cikakkun takardu, sai ya yi amfani da na abokinsa a kan wani ɗan kaso. A nan komai da aka tsare da sunan kamfanin da aka ara zai shiga, wanda ya yi aikin na gaskiya ba shi da ko sisi a ciki, shi kuma mai kamfanin ya jawo wa kansa cinikin miliyoyin da zai yi wa hukuma bayaninsu a lissafinsa na shekara, alhali bai ga ribarsu ba. Duka ɓangarorin biyu suna cutuwa, kuma ba kasafai suke ganewa ba sai masu bincike sun zo.

Takardun da ke tsayawa mutum

Takardu biyu ne ginshiƙin wannan al'amari, kuma sau da yawa ana ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayar. Ta farko ita ce rasit ɗin da mai biyan yake bayarwa, wanda ƙa'idojin 2024 suka wajabta, kuma ya kamata ya ƙunshi sunan wanda aka cire wa kuɗin da adireshinsa da lambarsa ta haraji, da irin aikin da aka yi, da jimillar kuɗin, da adadin da aka cire, da watan da aka yi biyan. Ta biyu ita ce wadda akantoci suke kira takardar kiredit, wato shaidar da hukumar haraji da kanta take fitarwa cewa kuɗi kaza sun shigo da sunan wane. A da takarda ce ta hannu da akan shafe watanni ana sintiri a kanta, amma hukumar tarayya ta mayar da ita ta na'ura, kuma tun da aka ƙaddamar da manhajar TaxPro-Max a 2021 kamfani yana iya shiga shafinsa ya ga abin da aka ajiye masa. Kuɗin ba sa bayyana a can don an biya su kawai. Mai biyan sai ya ɗora jadawalin da ke nuna rabon kowane ɗan kwangila da lambarsa, kuma kuskuren lamba ɗaya ya isa ya bar kuɗin suna lilo babu mai su, ko ya kai su shafin wani kamfani dabam.

Babban sauyin da ƙa'idojin 2024 suka kawo, wanda a ganin mai wannan rubutu ya fi rage kason ma daraja, shi ne cewa wanda aka cire wa kuɗi yana iya gabatar da rasit ɗin ga hukuma a lissafa masa, ko mai biyan ya aika kuɗin ko bai aika ba, sannan abin da ba a aika ba ya zama bashi a wuyan wanda ya cire, tare da tara da kuɗin ruwa. Kafin wannan, ɗan kwangila shi ke ɗaukar laifin da ba nasa ba: an cire masa, an riƙe, sannan hukuma ta ce ba ta gani ba. Adalci ne a mayar da nauyin kan wanda ya riƙe kuɗin. Sai dai kariyar tana aiki ne ga wanda yake da rasit a hannu kawai, kuma rasit ɗin da ya cika sharuɗɗa, don haka karɓarsa ya zama wani ɓangare na karɓar biya, ba alfarmar da za a koma nema daga baya ba, lokacin da wataƙila an sauya wa jami'in da ya san maganar wurin aiki.

Abin da ya kamata kamfanin Kano na misalinmu ya ajiye ba shi da yawa. Kowace kwangila ta sami fayil ɗinta, a ciki a jera takardar ba da aiki, da takardar neman biya, da kwafin bauca, da bayanin asusun banki mai nuna shigar kuɗin, da rasit, da takardar kiredit idan ta fito. Bayan wannan sai rajista guda, a littafi ko a kwamfuta, inda kowane biya yake da layi ɗaya: ranar biya, sunan mai biya, kuɗin aiki ban da VAT, kaso, adadin da aka tsare, lambar rasit, da ranar da kuɗin suka bayyana a shafin hukuma. Gurbin ƙarshen nan shi ne ruhin rajistar, domin duk layin da ya kai wata biyu gurbinsa yana fayau, ya zama abin rubuta wa mai biyan wasiƙa, a kai ta da hannu, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi fayil. Kiran waya ba ya zama hujja a gaban mai bincike.

A littafin lissafin kamfani ma akwai tarko. Wanda ya rubuta naira 15,520,000 a matsayin cinikinsa saboda ita ce ta shigo banki ya yi kuskure biyu: ya rage cinikinsa, ya kuma shafe kuɗin da yake bi. Daidai shi ne a rubuta ciniki naira 16,000,000, a rubuta naira 320,000 a matsayin kadara, wato kuɗin kamfani da ke ajiye a wajen hukuma, harajin hatimi kuma a cikin abin da aka kashe. Hukumar tana iya juya lissafin da kanta, domin idan ta ga kiredit na naira 320,000 a kashi 2, ta san an yi cinikin miliyan 16, kuma idan jimillar cinikin da kamfani ya bayyana ta gaza wadda takardun kiredit suka nuna, tambaya za ta biyo baya.

Ranar lissafi

Kamfani yana gabatar da bayanin harajinsa cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa, wanda ga masu rufewa a Disamba ya kama ƙarshen Yuni, ɗaiɗaikun mutane kuma zuwa ranar 31 ga Maris. A ce kamfanin nan yana da wasu ayyuka da suka fitar da shi daga sahun ƙananan kamfanoni, kuma aikin ajujuwan ya bar ribar naira miliyan 4. Harajinta a kashi 30 naira 1,200,000 ne. Abin da aka tsare a tsawon kwangilar, kashi 2 na miliyan 40, naira 800,000 ne, saboda haka cikon da zai biya naira 400,000 ne kacal. Idan kuwa babu kiredit kuma babu rasit, zai biya naira 1,200,000 cur, a kan 800,000 da suka riga suka fita, jimilla miliyan 2, rabin ribar aikin. Kuma ba shi da zaɓin ƙin biya, domin takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata, tana cikin abubuwan da ake buƙata kafin a shiga takarar kwangilar gwamnati ta gaba.

Ƙananan kamfanoni, waɗanda doka ta sa harajin ribarsu a sifiri, su ne suka fi sakaci da wannan rajista, bisa tunanin cewa wanda ba ya biyan haraji ba shi da abin da zai yi da kiredit. Amma idan aka cire musu bayan sun yi aiki, tunda babu harajin da za a debe daga ciki, duk abin da aka tsare rara ce da suke da haƙƙin neman a mayar musu, ko a ci gaba da ajiye musu ita zuwa shekarar da cinikinsu zai haura iyaka. Neman a mayar da kuɗi yana jawo binciken littattafai kafin a amince, kuma masu binciken za su bi kowane adadi daga takardar ba da aiki zuwa bayanin banki. Doka ta nemi a adana takardun lissafi na aƙalla shekara shida, kuma da yake rasit ɗin da aka buga a kan takarda mai laushi yakan dushe kafin wannan wa'adin ya cika, ya dace a ɗauki hoton kowanne a ranar da aka karɓe shi, a ajiye kwafin a wani wuri da ba ofishin ba.